Baba ya kasa sa hannu, banki kuma ya ƙi karɓar takardar wakilcin da ya ba ni

Nura Fagge:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar banki. Mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki, ɓarin dama, yana kwance a asibiti. Alhamdu lillahi hankalinsa garau yake, yana gane kowa, yana magana duk da harshen ya yi nauyi. Hannun da yake rubutu da shi ne ya ƙi. Yana da asusun ajiya da fanshonsa na naira 85,000 ke shiga duk wata, kuma akwai naira miliyan 2 da dubu 400 a ciki. Asibiti na bin mu naira 620,000, ga magani da gashi da za a ci gaba da biya bayan an sallame shi.

Shi da bakinsa ya ce in je in ciro. Na sa aka buga takarda da Turanci cewa ya wakilta ni in karɓi kuɗi in kuma sa hannu a madadinsa, ya dangwala da babban yatsan hagu, baffanninmu biyu suka sa hannu a matsayin shaidu. Na kai banki da katin shaidata da nasa. Matar da ke teburin kula da masu hulɗa ta karanta ta mayar mini, ta ce sunana ba ya cikin mandet, wato katin masu ikon ba da umarni a kan asusun, kuma dangwalen ba shi ne sa hannun da suke da shi ba. To kuɗin mutum, yana raye, yana cewa a ba ɗansa, me kuma ake nema? Ta ina zan ɓullo wa lamarin?

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Malam Nura, kai ma ka so wahalar da kanka. Ba shi da katin ATM? Ka karɓi katin da lambar sirrin, ka je wurin masu POS ka riƙa cira kaɗan-kaɗan har ka haɗa kuɗin asibitin. Haka kowa yake yi da iyayensa.

Nura Fagge:
Amin, na gode. Katin ya ƙare tun bara bai sabunta ba, shi mutum ne da ya fi son ya shiga banki ya cika takarda. Sabon kati kuma sun ce sai ya zo da kansa. Ba ya amfani da manhajar banki a waya.

Usman G.:
Matsalar takardarka ba ta da hatimin kotu. Ka je babbar kotu wurin kwamishinan rantsuwa ka yi afidabit cewa kai ɗansa ne kuma ya wakilta ka. Da zarar sun ga jan hatimi dole su biya. Ba ya ɗaukar awa ɗaya.

Hajiya Binta:
Allah ya ƙara wa Baba sauƙi, Nura. Na yi aikin banki har na ajiye, kuma teburin da aka mayar maka da takardar nan irinsa na daɗe a kai, don haka bari in faɗa maka abin da yarinyar take gani daga ɓangarenta.

Ranar da Baba ya buɗe asusun ya cika wani kati, aka manna hotonsa, ya sa hannu a kai, aka rubuta cewa shi kaɗai ne mai ba da umarni a kan kuɗin. Wannan shi ne mandet ɗin da ta ce maka. Duk takardar da ta zo tana cewa a fitar da kuɗi, abu ɗaya ake yi mata: a buɗo katin nan a kwamfuta a gwada. Taka ta faɗi ta hanya biyu. Wanda ya zo karɓa ba shi ne a hoton ba, kuma abin da ke ƙasan takardar dangwale ne alhali abin da ke katin rubutu ne. Ba ta da wata hanyar sanin cewa yatsan Baba ne, ko yana farke aka dangwala, ko barci yake yi aka kama hannun. Kada ka ji zafin wannan maganar, na ga inda aka yi hakan, kuma 'ya'yan cikin mutum ne suka yi. In ta biya ka, gobe wani ɗan'uwanka ya zo da lauya ya ce Baba bai sani ba, bankin ne zai mayar da kuɗin, ita kuma aikinta ya tafi.

Wasiƙar da aka rubuta a gida tana da inda take aiki. Ana iya aiko mutum da ita ya karɓi bayanin shige da ficen asusu, ko littafin cak a wasu bankunan, shi ma bayan an kira mai asusun a lambar wayar da ke rajista an ji daga bakinsa. Amma fitar da kuɗi daga asusun ajiya, ko sa hannu a madadin mai shi, wasiƙa ba ta kai nan ba.

Malam Usman, afidabit ɗin da ka ce rantsuwar Nura ce a kan abin da Nura ya faɗa. Banki ba daga Nura yake son ji ba, daga Baba yake son ji. Ko hatimi goma aka buga, bai canza katin da na faɗa ba.

Usman G.:
Amma Hajiya ni na yi afidabit an karɓa, lokacin da aka samu bambancin suna tsakanin BVN ɗina da asusuna.

Hajiya Binta:
Ƙwarai za a karɓa, domin can kai ne mai asusun kake rantsuwa a kan sunanka, kuma kana tsaye a gabansu. Nan kuwa wani ne ke son taɓa kuɗin wani.

Maman Walid:
Nura ka shirya, abin nan ba ƙaramin aiki ba ne. Lokacin da maigidana ya rasu ni ce ya rubuta a matsayin magajiya a fom ɗin banki, amma da na je suka ce wannan ba ya nufin komai. Sai da muka kawo takardar shaidar mutuwa daga hukumar ƙidaya, muka bi ta kotu aka ba da takardar izinin kula da dukiyar mamaci, kafin suka saki ko sisi. Ka fara neman takardun tun yanzu.

Nura Fagge:
Allah ya jiƙansa da rahama, Maman Walid. Amma namu Baban yana raye, ba maganar gado muke yi ba.

Maman Walid:
Amin. Allah ya ba shi tsawon rai, ban karanta farkon da kyau ba. Amma ka riƙe abin da na faɗa na sunan da ake rubutawa a fom, don kada wani ya ce maka tunda sunanka ne a wurin za su ba ka.

Hajiya Binta:
Wannan gaskiya ta faɗa. Sunan da ake sawa a wannan gurbin na wanda za a tuntuɓa ne in an rasa mai asusu. Ba ya ba da ikon cire kuɗi, mutum na raye ko bayan ransa.

To Nura, ga abin da zan yi in ni ce kai. Babban jarin da kuke da shi yanzu shi ne hankalin Baba yana nan kuma yana magana. Komai a kansa zai tsaya.

Ka fara da likitan da ke duba shi. Ka roƙi rahoto a takardar asibiti mai hatimi, ya faɗi abu biyu a fili: cewa hannunsa na dama ya shanye ba ya iya rubutu, da cewa hankalinsa da fahimtarsa suna nan, yana iya yanke hukunci a kan al'amuransa. Da yawa sukan kawo rahoto mai ɗauke da na farkon kawai, sai sashen shari'a na banki ya dawo da shi, domin ciwon nan yakan taɓa fahimta, kuma su ma sun sani.

Daga nan ka koma reshen da aka buɗe asusun, ba kowane reshe ba. Kada ka tsaya a layin kashiya. Ka nemi shugaban sashen ayyuka ko manaja, ka miƙa buƙata a rubuce tare da rahoton likita, cewa mai asusu ba zai iya zuwa ba, ana roƙon a turo ma'aikaci ya same shi a gadon asibiti. Ka yi kwafi biyu, su buga maka hatimin karɓa a ɗaya. Bankuna suna yin wannan ziyarar, sai dai ba za su yi maka tayinta ba sai ka nema, kuma saurin abin ya danganta da reshe. Sukan zo su biyu da fom, su yi masa tambayoyi da kansu, su ɗauki hoto, ya dangwala a gabansu, su sa hannu cewa sun gani. Da wannan ake canza katinsa daga sa hannu zuwa dangwale.

Ga inda mutane ke tuntuɓe: canza katin kaɗai bai warware matsalarka ba. Mai dangwale a ƙa'ida a gaban ma'aikacin banki yake dangwalawa duk lokacin da zai cire kuɗi, kuma ba za su riƙa zuwa asibiti kowane mako ba. Don haka a zaman nan guda, tunda sun zo, a gama komai. Ya ba da umarnin tura naira 620,000 kai tsaye zuwa asusun asibitin, ka tanadi takardar kuɗin da lambar asusun a hannu. Sannan ya ba da umarni na dindindin cewa duk wata, a rana kaza, a tura adadi kaza zuwa asusunka don magani da cefane. In fanshon 85,000 ne, kuna kashe kamar 120,000, to a rubuta 120,000, bambancin 35,000 yana fita daga ajiyar. Bayan an biya asibiti saura miliyan 1 da dubu 780, ka ga zai daɗe yana ɗaukar wannan giɓin. Ka sa ranar turawar ta zama bayan ranar da fansho ya saba shiga da 'yan kwanaki.

In aka yi haka, wataƙila ba ka ma buƙatar zama wakili a kan asusun gaba ɗaya.

Ɗan Kwari:
Hajiya duk wannan zagayen, ai da sun zo sai kawai a ce su yi masa sabon kati ya miƙa wa Nura. Magana ta ƙare.

Hajiya Binta:
Alhaji, na san haka ake yi a gidaje da yawa, kuma sau da yawa ana wanyewa lafiya. Amma ka duba gidan da ake magana. Duk abin da aka cira da kati, a rubuce yana fitowa ne kamar Baba ne ya cira da hannunsa, alhali kowa ya san yana kwance. Babu wata takarda da ke nuna ya yarda, babu iyakar adadi. Ranar da wani a cikin 'yan'uwa ya nemi bayanin asusu ya ga dubu hamsin-hamsin na fita a wurin masu POS, Nura ba shi da abin kare kansa sai rantsuwa. Kuma in katin ya faɗa hannun ɓarayi, banki zai ce mai asusu ne ya ba da lambar sirrinsa, ba ruwansu. Nura, ku nawa ne a gidan?

Nura Fagge:
Mu goma sha ɗaya ne, ɗaki biyu. Ni ne babba a maza na ɗakinmu, akwai Yaya babba a ɗaya ɗakin amma yana Legas.

Hajiya Binta:
To ka ga dalili.

Barista Sani:
Allah ya ba da lafiya. Na yarda da hanyar Hajiya, ita ce mafi sauri. Amma akwai abin da ba ta rufe ba. Umarnin wata-wata adadi ɗaya ne. In aka wayi gari ana buƙatar wani kuɗi na gaggawa, ko wata takarda ta taso da sai an sa mata hannu, kun koma gidan jiya. Shi ya sa zan ce a haɗa da takardar wakilci ta gaske, wadda muke kira fawa of atoni, amma a ƙuntata ta.

Nura, Baba yana karanta Turanci?

Nura Fagge:
A'a Barista. Yana karanta Hausa da ajami sosai, yana rubuta sunansa da boko, amma Turanci sai an fassara masa.

Barista Sani:
To ga wani ramin a takardarka ta farko. A wurin kotu, wanda ba ya iya karanta harshen da aka rubuta takarda da shi ana ba shi kariyar da ake ba wanda bai iya karatu ba, ko da malami ne a wani harshen. Dole a ƙasan takardar a rubuta cewa an karanta masa, an fassara masa da Hausa, ya nuna ya fahimta kafin ya dangwala, sannan wanda ya rubuta da wanda ya fassara su sa sunansu da adireshinsu. In babu wannan, ƙofa a buɗe take ga duk mai son ya ce Baba bai san abin da ya dangwala wa ba. Kuma kada kai ka zama mai fassarar, tunda kai ne mai amfana.

Abin da takardar za ta ƙunsa ba shi da yawa, amma kowanne da dalilinsa. Sunan Baba ya zama harafi da harafi yadda yake a asusun da BVN ɗinsa. In a banki Muhammad ne, kai ka rubuta Mamman don haka aka san shi a unguwa, an dawo da ita. Sunanka ma yadda yake a NIN ɗinka. A rubuta sunan bankin da lambar asusun mai lamba goma, asusun nan ɗaya tak. Sai aikin da aka ba ka, a faɗe shi ɗaya bayan ɗaya: cire kuɗi ko turawa don magani da ɗawainiyar gida, karɓar bayanin asusu, sa hannu a takardun da suka shafi wannan. Sannan a faɗi abin da ba a ba ka ba, wato rufe asusun, cin bashi da sunansa, canza lambar wayar da saƙo ke shiga, ko wakilta wani a madadinka. A sa iyaka, misali kada ya wuce naira 300,000 a wata, a sa wa'adi, misali wata shida ko shekara, a sabunta in ana buƙata.

Abin da ka rubuta na "in sa hannu a madadinsa" ba tare da ka ce a kan me ba, shi ne irin lafazin da ke tsorata banki, kuma ya kamata ya tsorata ka. Da wannan jimlar ana iya sayar da gida.

A dangwala ta a gaban notari, shi lauya ne da aka ba izinin tabbatar da takardu, ana iya ɗauko shi zuwa asibiti. Amfanin hakan yana cikin Dokar Shaida ta 2011, sashe na 150: takardar wakilcin da aka yi a gaban notari, ko alƙali, ko majistare, ko jami'in ofishin jakadancin Najeriya, kotu za ta ɗauka an yi ta daidai, sai wanda ke musu ya kawo hujja. Bayan nan a kai ofishin haraji a biya kuɗin hatimi.

Amma kafin ka biya kowane lauya ko kwabo, ka tambayi bankin ko suna da nasu fom ɗin na ƙara wakili, da sharuɗɗan da sashensu na shari'a ke so a gani. Kowane banki da tsarinsa.

Hajiya Binta:
Wannan na ƙarshen shi ne mafi muhimmanci a maganar Barista. Kuma Nura ka sani, ko takardar ta yi kyau kamar me, ba ranar da ka kai ta za ka fita da kuɗi ba. Reshe zai tura ta hedikwata, lauyoyinsu su duba, su sa Baba ya dangwala a wata takardar cewa ba zai kama banki da laifi ba a kan abin da wakilinsa ya yi. Kai kuma za su karɓi BVN da NIN ɗinka, hoton fasfo, katin shaida da shaidar adireshi, su ɗora hotonka da sa hannunka a kan katin asusun. Sai ranar da sunanka ya bayyana a kwamfutar kashiya ka zama wakili a wurinsu. Yana iya cin kwanaki, yana iya cin makonni. Shi ya sa na ce kuɗin asibiti kada ya jira wannan.

Usman G.:
To me zai hana a mayar da asusun na haɗin gwiwa, sunan Baba da na Nura, kowa na iya sa hannu? Ba lauya, ba notari.

Barista Sani:
Ya fi sauƙi a yau, ya fi tsada gobe. Wakili mai riƙon amana ne, kuɗin ba nasa ba ne, kuma takarda ta nuna haka. Amma in sunan Nura ya hau asusun a matsayin mai shi, an gauraya dukiya. In ana bin Nura bashi, mai binsa na iya biyo kuɗin nan ta kotu, sai an sha jayayya kafin a tabbatar na Baba ne. In kuma ta Allah ta kasance, tambayar ko abin da ya rage na Nura ne ko na magada duka za ta taso, a gida mai ɗaki biyu. Ga kuma masu biyan fansho, sukan so asusun ya kasance da sunan mai fanshon shi kaɗai. Ba na ba da wannan shawarar.

Abdul Jidda:
Ku gafarce ni in shigo da nawa. Ina aiki a Jidda, ina da asusu a gida da aka dakatar saboda na daɗe ban taɓa shi ba. Na rubuta wa ƙanena wasiƙa, na sa hannu, na ɗauki hotonta na tura masa ta waya, ya bugo ya kai, suka ƙi. Ni hannuna lafiya lau, sa hannuna ne sak. Me ya rage?

Hajiya Binta:
Hoton takarda ba takarda ba ce, Abdul. Ana iya ɗauko sa hannunka daga ko'ina a liƙa. Kuma farfaɗo da asusun da ya yi barci abu ne da banki ke so mai shi ya yi da kansa, domin irin waɗannan asusun su ɓarayi suka fi hari. Ka fara rubuta wa bankin daga adireshin imel ɗin da suke da shi a rajista ka tambayi tsarinsu na mazauna waje. Wasu suna tantance mutum ta kiran bidiyo, ka ga ƙanenka ma bai shigo ba.

Barista Sani:
In kuma dole sai wakili, ka yi takardar a ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke nan Jidda, ka sa hannu a gabansu su tabbatar, sannan ka aiko da ainihin takardar ta kamfanin aika saƙo ko hannun amintacce. Kada ka sa hannu tun a gida ka kai musu, a gabansu ake so.

Malam Habu:
Allah ya saka da alheri. Ina so in ƙara ta fuskar shari'ar Musulunci, don Nura ya san matsayinsa. Wakilci halal ne, malamai sukan kafa hujja da ƙissar mutanen kogo da suka aiki ɗayansu birni da kuɗinsu ya sayo abinci. Wakili amintacce ne, ba ya biyan abin da ya salwanta sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare abin da aka ce masa. To ka ga iyakar da Barista ya ce a rubuta kariya ce gare ka.

Abu na biyu ya fi nauyi. Wakilci yana faɗuwa da rasuwar wanda ya wakilta. Daga wannan lokacin kuɗin na magada ne, har jaririn da ke goye yana da rabo. Malamanmu sun yi saɓani a kan abin da wakili ya aikata kafin labarin rasuwar ya iso masa, amma wanda ya sani ya je ya cira, ba saɓani a kansa. Mutane sukan ruga banki kafin a sanar, su ce na likkafani ne da sadakar uku. Allah ya ba Baba tsawon rai, amma gara a faɗa tun ana lafiya.

Barista Sani:
A dokar ƙasa ma haka yake, Malam. Kuma ba mutuwa kaɗai ba. In hankalin mai wakiltawa ya gushe, irin wannan takardar ta faɗi, domin wakili ba ya iya yin abin da shi mai dukiyar ba zai iya yanke hukunci a kai ba. Wannan ne ke ba iyalai mamaki, suna zaton don irin ranar aka yi ta. In aka kai nan, sai a je babbar kotu da rahoton likita ta naɗa wanda zai kula da dukiyar.

Malam Habu:
Me ya sa sai babbar kotu? Alƙalin kotun shari'a yana da hurumin naɗa mai kula da dukiyar wanda hankalinsa ya taɓu, wannan babi ne sananne a fiƙihu, kuma ya fi kusa da talaka.

Barista Sani:
A fiƙihu ba na ja da kai. Abin da nake faɗa shi ne abin da banki zai karɓa ba tare da ya yi ta jan ƙafa ba. Na ga inda aka karɓi umarnin kotun shari'a, na kuma ga inda lauyoyin hedikwata suka ce sai na babbar kotu.

Malam Habu:
To wannan gyara ne da ya kamata a yi a wurinsu, ba a ce wa mutane su bar kotun da ke da hurumi a kan al'amuransu ba.

Hajiya Binta:
A reshen da na yi aiki muna karɓar na kotun shari'a a rabon gado, bayan an aika an tabbatar daga rajistaran kotun. Na mai taɓin hankali bai taɓa zuwa teburina ba, don haka na bar muku wannan. Fatanmu dai Nura bai kai can ba.

Nura Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga inda ake. Likita ya ba da rahoton da abubuwa biyun da Hajiya ta ce. Na kai buƙatar a rubuce, shugaban sashen ayyuka ya karɓa, ma'aikata biyu sun zo asibiti. Sun ce mu fita daga ɗakin, suka yi magana da Baba su kaɗai, sannan suka kira mu ya dangwala. An tura wa asibiti kuɗinsu, an kuma cika na wata-wata. Maganar ƙara ni a matsayin wakili sun ce sai da takardar lauya, ba su da fom na asusun ajiya.

Sai dai Yaya na Legas ya kira, ya ce bai yarda a ba mutum ɗaya ba, ko dai a sa mu biyu ko a bari. Baba kuma ya ce ni yake so tunda ni ke kusa. Ban san yadda zan yi ba.

Ɗan Kwari:
Kuɗin Baba ne ko na Yaya? Wanda ya ga dama zai ba.

Hajiya Binta:
A ƙa'ida Alhaji ya yi gaskiya, banki ba zai tambayi Yaya ba. Amma sa ku biyu yana da nasa matsalar. In aka ce sai kun sa hannu tare, duk ranar gaggawa sai an jira mutum daga Legas. In aka ce kowa shi kaɗai na iya sawa, an ninka ƙofar maimakon a tsare ta. Abin da na ga ya fi kwantar da hankalin gida shi ne saƙon banki ya ci gaba da shiga wayar Baba, wayar kuma ta zauna a hannun wani ba kai ba, sannan duk ƙarshen wata ka tura wa kowa bayanin asusun tare da rasit na magani.

Barista Sani:
Ana iya rubuta wannan a cikin takardar kanta, cewa wakili zai ba Yaya bayanin asusu duk wata, kuma duk abin da ya haura iyakar sai su biyun sun sa hannu. Sai dai ka tambayi bankin tukuna ko za su iya ɗora sharaɗi mai hawa biyu a kan asusun mutum ɗaya, domin a asusun kamfani aka fi yin haka, wasu za su ce ba sa yi. Ka kuma gaya wa Yaya cewa Baba na iya soke wakilcin duk ranar da ya so. Sokewar ba ta aiki a wurin banki sai an kai musu a rubuce sun buga hatimin karɓa, don haka lauyan da zai rubuta muku takardar ya nuna wa Baba da Yaya yadda ake yin wannan tun a zaman farko.

Nura Fagge:
To Barista, zan tambaye su maganar hawa biyun ranar Litinin. Yaya ya ce zai shigo Kano ƙarshen mako, za mu zauna da baffanni a gaban Baba kafin a kira notari.